Fandamental ko tekinikal: wanne zan bi kafin in sa kuɗina a hannun jari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makaranta ne a nan Katsina, ina zaune a Ƙofar Ƙaura. Na tara naira 600,000 da ba zan buƙace su ba nan da shekara uku, na kuma buɗe asusu da wani dillalin hannun jari ta waya. Abokaina biyu sun rikita ni. Ɗaya ya ce in koyi tekinikal kawai, wai komai yana cikin jadawalin farashi. Ɗayan ya ce tekinikal duba ne irin na bokaye, fandamental ne ilimi. Wanne ne gaskiya, kuma da wanne zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abokanka ba za su taɓa gama wannan musu ba, domin kowannensu wata tambaya daban yake amsawa. Fandamental yana amsa maka: wannan abin da zan saya, nawa ya kai a haƙiƙa? Tekinikal kuwa yana amsa: masu saye da masu sayarwa me suke yi yanzu, a ina zan shiga, kuma a wane farashi zan yarda cewa na yi kuskure in fita? Duk asarar da na gani da idona a wannan harka, har da tawa, mafi yawanta ta zo ne daga mutum ya ɗauki amsar tambaya ɗaya ya ɗora wa ɗayar.

Mu fara da abin da ka sani. Ka je kasuwar Dandume ko Bakori da kaka, za ka tarar da masu sayen masara don ajiya iri biyu. Akwai wanda lissafinsa shi ne nawa manomi ya kashe a taki da huɗa da girbi kafin buhu ɗaya ya fito, yaya damina ta kasance, masu gidajen kaji nawa za su nema, iyaka a buɗe take ko a rufe. Daga nan ya ce buhu bai kamata ya gaza kaza ba. Akwai kuma wanda bai damu da kuɗin taki ba. Shi abin da ya riƙe shi ne duk shekara farashi yana faɗuwa da kaka ya tashi da bazara, kuma makonni uku ke nan duk lokacin da buhu ya sauko wani farashi sai manyan motoci su cika kasuwa su kwashe. Na farko fandamental yake yi, na biyu tekinikal, ko da ba su taɓa jin sunayen ba. Na biyun ya sha cin riba shekaru da yawa. Amma waɗanda suka saye hatsi da tsada a kakar 2024 suna jiran tashin da aka saba gani sun sha mamaki a 2025, farashi ya yi ƙasa maimakon sama. Abubuwan da ke ƙarƙashin farashin ne suka sauya: an yi noma da yawa saboda tsadar da ta gabata, gwamnati kuma ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na ɗan lokaci a 2024. Tarihin farashi bai ɗauke da wannan labari ba sai bayan ya riga ya faru.

Yanzu mu koma hannun jari. Zan ɗauki kamfani guda mu duba shi ta hanyoyin biyu. Alƙaluman nan ni na tsara su don lissafi ya yi sauƙi, kada ka je neman kamfanin a kasuwa. A ce kamfanin sarrafa abinci ne da ke kasuwar hannun jari ta NGX a Legas, yana da hannun jari biliyan 2, kowane ɗaya ana sayar da shi naira 40 yau. Ma'ana kasuwa ta yi wa kamfanin gaba ɗaya kuɗi naira biliyan 80. Wannan shi ne abu na farko da mai fandamental yake sa wa a ransa: in ka sayi hannun jari ɗaya a naira 40, ka yarda ke nan cewa kamfanin ya kai biliyan 80. Shi ya sa maganar "wannan mai arha ne, naira 2 kacal" ba ta da ma'ana. Hannun jarin naira 2 zai iya fin na naira 400 tsada, ya danganta da ribar da ke bayan kowanne.

Ka buɗe rahoton shekara na kamfanin, wanda dole ne duk kamfanin da ke kasuwar ya fitar, kuma ana samunsa kyauta a shafin NGX. Ribarsa bayan haraji naira biliyan 10 ce. Ka raba da hannun jari biliyan 2, kowane ɗaya ya samu naira 5. Wannan ita ce lambar da za ka gani a manhajarka an rubuta EPS. Ka raba farashi da ita, 40 a raba da 5, ya ba ka 8, wato P/E. Fassararsa a sauƙaƙe: in riba ta tsaya yadda take, shekara 8 za a yi kafin kamfanin ya samar da kuɗin da ka biya. A nan mafi yawan mutane suke tsayawa su ce sun yi fandamental. Ba su fara ba tukuna.

Aikin yana cikin bayanan da ke bayan rahoton, shafukan da ba wanda yake son karantawa. A can za ka ga cewa a cikin biliyan 10 ɗin nan, biliyan 3 sun fito ne daga sayar da wani fili da kamfanin ya yi. Fili sau ɗaya ake sayar da shi, baɗi babu. Ribar da sana'ar kanta ta kawo biliyan 7 ce, wato naira 3 da kwabo 50 kan kowane hannun jari. Sai P/E ya tashi daga 8 ya koma sama da 11. Ba abin da ya canza a farashi, amma abin ya ƙara tsada a hannunka.

Sai ka juya zuwa shafin shige da ficen tsabar kuɗi. Riba a takarda daban, kuɗi a hannu daban, duk mai shago a babbar kasuwar Katsina ya san wannan: ka yi cinikin dubu ɗari, saba'in bashi ne a littafi. A kamfaninmu, tsabar kuɗin da ta shigo daga aiki biliyan 4 ce kawai, saboda diloli sun kwashi kaya ba su biya ba. Shekara ɗaya haka ba komai ba ne. In ka duba shekara uku ko huɗu a jere ka ga riba tana hawa, tsabar kuɗi tana tsaye ko tana raguwa, bashin da kamfanin ke bin mutane yana kumbura fiye da ciniki, to ana yi wa rogo kallon kitse.

Abu na uku, bashin da ake bin kamfanin, kuma da wane kuɗi. A ce yana da bashin dala miliyan 10 na injina. Lokacin da dala take kusan naira 460 a farashin gwamnati, kafin a saki naira a watan Yunin 2023, bashin nan naira biliyan 4.6 ne. Da dala ta kai 1,500 a 2024, ya zama biliyan 15. Bambancin, biliyan 10.4, ya cinye ribar shekara guda har da ƙari, alhali ba a rage sayar da ko katan ɗaya ba. Wannan ba tatsuniya ba ce: MTN Najeriya, duk da cinikinsa ya ƙaru, ya bayyana asarar kusan naira biliyan 137 a 2023, kuma faɗuwar naira ce babban dalili. Wanda ya karanta shafin bashin dala tun kafin lokacin ya san inda haɗarin yake kwance. Bai san ranar da za a saki naira ba, amma ya san abin da zai faru in an sake ta.

To nawa hannun jarin ya kai? Akwai hanyoyi da yawa, zan nuna maka mafi sauƙi don ka ga ƙarfinta da rauninta lokaci guda. Kamfanin yana raba wa masu hannun jari naira 2 kan kowane ɗaya a shekara. A farashin 40, wannan kashi 5 cikin 100 ne, in an cire harajin kashi 10 cikin 100 da ake yanka daga rabon riba ya koma 4.5. Ka tuna sukuk, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci, na farko da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 ya biya kashi 16.47 a shekara, kuma hauhawar farashi ta haura kashi 34 a ƙarshen 2024. Don haka ba wanda zai sayi wannan kamfani don naira 2 ɗin yau. Ana sayensa ne da fatan rabon zai riƙa ƙaruwa. Lissafin shi ne:

```
V = D1 / (r - g)
```

V kimar hannun jarin ce, D1 rabon ribar baɗi ne, r abin da kake buƙata a shekara kafin ka yarda ka ɗauki haɗarin, g kuma yadda kake zaton rabon zai riƙa ƙaruwa. In ka ce kana buƙatar kashi 20, rabon kuma zai riƙa ƙaruwa da kashi 12, rabon baɗi naira 2.24 ne, ka raba da 0.08, ya ba ka naira 28. In ka ɗan ƙara kyakkyawan zato ka ce zai ƙaru da kashi 15, rabon baɗi 2.30 ne, a raba da 0.05, ya ba ka naira 46. Dubi wannan da kyau. Maki uku kawai na sauya a zato guda, kimar ta tashi daga 28 zuwa 46. Saboda haka duk wanda ya ce maka fandamental ya nuna masa hannun jari ya kai naira 43 da kwabo 70, ko dai bai fahimci abin ba ko yana son sayar maka da wani abu. Amsar gaskiya tazara ce: tsakanin 28 da 46. Farashin yau, 40, yana cikin tazarar, can wajen sama. Ba arha ba ne. Mai hankali zai so ya saya kusa da 30, domin in zatonsa ya yi kuskure ya samu wurin faɗuwa mai taushi.

Ga kuma abin da wannan dogon lissafi bai gaya maka ba ko kaɗan: yaushe. Zai yiwu farashin ya sauko 30 wata mai zuwa, zai yiwu ya haura 60 ya zauna can shekara biyu saboda kasuwa tana cikin zumuɗi. Zai yiwu kuma ka samu wanda ya kai 46 ana sayar da shi 25, ka saya, ya kwanta a 25 har ka gaji. Abokinka mai fandamental bai faɗa maka wannan ba. Ilimin nan ba shi da agogo.

Yanzu rufe rahoton, buɗe jadawalin farashin kamfanin na wata shida. Mai tekinikal bai damu da fili ko bashin dala ba. Hujjarsa ita ce duk wanda ya san wani abu game da kamfanin, in ya saya ko ya sayar, sawunsa zai fito a farashi da yawan ciniki. Abin da ya gani shi ne sau uku farashi yana saukowa wajen 36 sai ya koma sama, sau biyu kuma yana kaiwa 44 sai ya dawo. Ƙasan shi suke kira sapot, saman kuma razistans. Babu sihiri a ciki. A 36 akwai masu kuɗi da suke ganin ya yi musu daidai, suna ajiye odar saye a wurin. A 44 akwai waɗanda suka saya a can da daɗewa, suka ga wuya, suna jiran ya dawo su karɓi kuɗinsu su gudu. Halin mutane ne yake barin alama, kamar yadda turba take fitowa a gona inda ƙafa ta saba bi. Nan ne na saɓa da mai cewa duba ne. Boka yana da'awar ya san gobe. Mai tekinikal na ƙwarai ba ya da'awar haka, cewa yake: in farashi ya yi kaza zan yi kaza, in ya saɓa na fita.

Amfaninsa na gaske yana wajen auna haɗari, kuma a nan zan so ka kula, don da kuɗinka zan yi lissafin. A ce farashi ya sauko 37, kusa da sapot, ka yanke shawarar shiga da niyyar sayarwa a 44. Kafin ka danna saye, sai ka ce in ya faɗo 35, ƙasa da inda ya saba tsayawa, zatona ya rushe, zan fita. Haɗarinka naira 2 ne kan kowane ɗaya, abin da kake nema naira 7. Ƙa'idar da masu wannan sana'a suka saba bi ita ce kada ciniki ɗaya ya ci fiye da kashi 1 ko 2 na jarinka. Kashi 2 na 600,000 naira 12,000 ne. Ka raba 12,000 da naira 2, ya ba ka hannun jari 6,000, wato naira 222,000. Ka ga jadawalin ya gaya maka inda za ka shiga, inda za ka fita, da yawan da za ka saya. Fandamental ba zai taɓa ba ka waɗannan ukun ba.

Sai dai masu koyar da abin a bidiyo suna tsallake kuɗin ciniki. Duba takardar da dillalinka yake aiko maka bayan kowane saye ka ga nawa ake cira, da ladansa da na hukumomi da haraji. Mu ƙaddara kashi 2 ne a shiga, kashi 2 a fita. In abin ya ci, ribar 42,000 za ta koma kusan 32,000. In ya ƙi, asarar 12,000 za ta zama kusan 20,600. A takarda kana buƙatar ka dace sau biyu da ɗoriya cikin goma don kada ka yi asara. Da kuɗin ciniki a ciki, sai ka dace kusan sau huɗu cikin goma kafin ka tashi ba riba ba faɗuwa. Mai shiga da fita kowane mako da ƙaramin jari, dillali yake yi wa noma.

Akwai kuma matsalar kasuwarmu ita kanta. Dabarun nan an gina su ne a kasuwannin da ake ciniki ba ƙaƙƙautawa. A NGX, in ka cire manyan bankuna da 'yan kamfanoni kaɗan, da yawa ana iya wuni ba a yi cinikin kirki a kansu ba. Jadawalin irin wannan kamfani sawun mutum biyar ne ko shida, ba sawun kasuwa ba, kuma mai kuɗi ɗaya zai iya zana maka duk siffar da kake son gani. Don haka kafin ka ja layi ko ɗaya, duba Volume, wato yawan hannun jarin da aka yi cinikinsu. Sannan kasuwar tana da iyaka: farashi ba ya wuce kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa a rana guda. Mutane suna ɗaukar wannan kariya ce. Ranar da mummunan labari ya fito, abin da ke faruwa shi ne farashi ya faɗi iyakarsa, masu sayarwa su yi layi, ɓangaren masu saye ya zama wayam. Gobe ma haka, jibi ma haka. Daga 37, kwana uku irin wannan sun kai ka wajen 27, kuma 35 ɗin da ka ce za ka fita ta wuce ba ka samu mai saye ba.

Ga wani tarko da ke kama masu kallon jadawali kaɗai, kuma da kamfaninmu zai fi fitowa fili. Ka saya a 37, ka sa mafita a 35. Wata safiya ka buɗe waya ka ga 35, ba labari ba dalili. Zuciyarka ta ce sapot ya karye, ka sayar. Alhali abin da ya faru shi ne ranar tantance waɗanda za a ba rabon riba ta wuce, sai kasuwa ta rage naira 2 ɗin daga farashi kamar yadda ake yi kullum, kuɗin kuma suna hanyar shiga asusunka. Ba wanda ya gudu daga kamfanin. Sanarwar tana nan tun makonni a shafin kasuwa. Haka ma in kamfani ya ba da kyautar ƙarin hannun jari, farashi yakan sauka daidai da lissafi. Ko wanda ya rantse da tekinikal dole ya san ranakun nan da ranar fitar da rahoton wata uku-uku.

Sai maganar RSI, lambar da ke auna saurin hawa da saukar farashi, wadda na ga matasa sun fi riƙewa. Wani injiniya Ba'amurke, Welles Wilder, ya fito da ita a 1978, kuma ga duk abin da ke cikinta:

```
RSI = 100 - 100 / (1 + RS)
```

RS shi ne matsakaicin hawan farashi a raba da matsakaicin saukarsa, galibi a kwana 14. In matsakaicin hawa kwabo 90 ne, na sauka kwabo 30, RS ya zama 3, RSI ya zama 75. In ta haura 70 sai a ce an yi saye da yawa, in ta gaza 30 a ce an yi sayarwa da yawa. Ka nemo mini riba ko bashi ko ciniki a cikin wannan lissafi. Babu. Amma kullum sai ka ji wani ya ce "RSI ta sauka 25, ya yi arha." Abin da 25 take nufi kawai shi ne ya faɗi da sauri a makonnin nan. Kamfanin da ke hanyar mutuwa zai iya zama ƙasa da 30 wata da watanni yana ci gaba da zubewa. Arha da tsada kalmomin fandamental ne, jadawali bai san su ba.

Ni ma a kan wannan gaɓa na ƙone, shi ya sa nake nanata ta. A farkon 2008 ina aikin akanta, kowa a ofis yana sayen hannun jarin bankuna, wasu da bashin da bankunan da kansu suke bayarwa. Na sayi na wani banki ba don na karanta komai ba, sai don yana hawa kullum. Wato dalilina na tekinikal ne, ko da yake ko layi ban iya ja ba. A watan Maris na shekarar ma'aunin da ke nuna farashin kasuwar gaba ɗaya ya haura maki 66,000, daga nan ya juya. Mai bin hawan farashi na gaskiya, da hawan ya ƙare sai ya fita, domin dalilinsa ya mutu. Ni kuwa sai na sauya riga. Na fara cewa ai banki ne babba, ga rassa ko'ina, ga ribar da ya bayyana, na dogon zango nake yi. Na zama mai fandamental da rana tsaka, ba don na yi nazari ba, sai don kada in amsa cewa na yi asara. Har ƙari na yi da ya sauka rabi. Cikin shekara guda ma'aunin ya dawo wajen 20,000. A watan Agustan 2009 Babban Banki ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya cire shugabannin bankuna biyar ya zuba musu naira biliyan 420, sai ga shi ribar da wasu bankuna suke bayyanawa tana zaune ne a kan basukan da ba za su dawo ba. Darasi biyu na samu. Na farko, kada ka shiga da dalili ɗaya ka zauna da wani. Na biyu kuma, fandamental ma yana da makanta: da alƙaluman da kamfani ya ba ka kake aiki, suna zuwa a makare, kuma in an yi musu kwalliya lissafinka duk ya tashi a banza. A wancan lokacin farashi ya riga rahoto faɗin gaskiya da watanni. Wannan maki ne na abokinka mai jadawali, kuma ban hana shi ba.

Kishiyar kuskurena ma tana faruwa. Mutum ya yi nazari sosai, ya sayi kamfani mai kyau a 30 don shekara biyar, bayan sati biyu ya ga jan kyandir uku a jere a jadawali, alamar farashi yana sauka, ya firgita ya sayar a 28. Ba abin da ya sauya a cinikin kamfanin. Ya shiga ta ƙofa ɗaya ya fita ta wata.

Akwai tambayar da jadawali ba zai taɓa amsa maka ba, kuma na san a garinmu tana gaban komai: kamfanin nan ya halatta in sa kuɗina? Wannan sai an buɗe littafinsa. Me yake sayarwa, nawa ne bashinsa mai ruwa, nawa yake samu daga kuɗin ruwa. Ma'aunin AAOIFI, hukumar da ke tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci, wanda ake yawan bi, ya sa iyakar bashi mai ruwa a kashi 30 na kimar kamfani a kasuwa, kuɗin shiga marar tsarki kuma kada ya wuce kashi 5 na dukkan kuɗin shigarsa. A kamfaninmu, in bashin biliyan 15 ɗin nan mai ruwa ne kuma shi kaɗai ne, a kan biliyan 80 ya kama kusan kashi 19, ya tsallake. NGX tana da ma'auni na kamfanonin da aka tace, NGX Lotus Islamic Index, wuri ne mai kyau na farawa. Hukuncin kansa na malamai ne, ni lissafin kawai na nuna. Haka kuma in abokinka ya ja ka zuwa kirifto, ka sani yawancin sulallan nan ba su da riba ko rabon da za a sa a wancan lissafi na D1, shi ya sa kusan kowa a can jadawali yake kallo.

To kai da wanne za ka fara? Ka ce shekara uku, kuma kana aji daga safe har azahar, lokacin da kasuwa take ci. Tambayarka ta farko ita ce me zan saya kuma nawa ya kai, don haka fandamental ne naka. Zaɓi kamfani uku da ka fahimci abin da suke sayarwa, siminti ko sukari ko layin waya, ka sauke rahotonsu na shekara uku. A kowanne ka fitar da abu huɗun da muka bi: ribar da za ta maimaitu, tsabar kuɗin da ta shigo, bashi da irin kuɗinsa, da rabon riba. Ka fitar da tazararka ta ƙasa da ta sama. Sai bayan nan ka buɗe jadawali, don abu biyu kawai: ka ga ana cinikinsa kullum yadda za ka iya fita in ka so, ka kuma ga ko yana cikin zubewa ne yanzu don kada ka zuba komai rana ɗaya. Raba sayen kashi uku a cikin wata uku ko huɗu, kuma kada duka 600,000 su tafi kamfani guda. Shekara uku ma ba ta da tsawo a wannan kasuwa, wanda ya saya a farkon 2008 ya fi haka yana jira, don haka in kuɗin na aure ne ko na gini mai rana tsayayya, wani kaso ya tafi sukuk.

Ranar da za ka saya, ɗauki littafin da kake rubuta darasi, ka rubuta layi biyu a shafin baya: dalilin da ya sa ka saya, da abin da in ya faru za ka sayar. In dalilin riba ce da ƙarancin bashi, abin da zai fitar da kai shi ma daga rahoto zai zo, misali tsabar kuɗi ta ragu rahoto biyu a jere, ko an ciwo sabon bashin dala, ko farashi ya haura saman tazararka. In kuma wata rana ka gwada ciniki da jadawali da ɗan abin da ba zai dame ka ba, lambar fita ita ce 35 ɗin da ka rubuta, kuma ranar da ta zo ba a buɗe rahoton shekara neman uzuri.